Tukunyar da Ba Gishiri

A gidan marigayi Malam Aliyu na Rawayya maza ba sa raba akushi. Tun tsohon yana da rai haka ake yi: mace ta gama girki, a kwashe a kai zaure, 'yan'uwa su sa hannu wuri ɗaya. Da ya rasu, babban ɗansa Shu'aibu ya riƙe al'adar gam, sai ka ce a littafi ya karanto ta. Shi ya sa ranar da Yelwa, matar ƙanensa Labbo, ta ɗora wata 'yar ƙaramar tukunya a gefen babba, gidan kaf ya zuba mata ido.

Ba don marmari ta ɗora ta ba. Tun tsakiyar damina Labbo ba ya jin daɗin jikinsa. Mutumin da ke nome kunya goma bai ɗago ba ya koma yin biyu ya nemi inuwa. Ƙafafu suka kumbura, ciki ya fara tasawa har tazugen wandonsa ya daina kaiwa, farin idonsa ya koma rawaya, fitsari ya yi jawur kamar shayi. An ce shawara ce, ya sha jiƙo iri-iri har wata biyu, abu sai gaba yake yi. Da aka gama yankan gero Yelwa ta sa shi gaba da magana har ya yarda suka hau mota zuwa babban asibiti a Gusau. Shu'aibu bai bi su ba, ya ce dawarsa na jiran sa a gona.

Can suka haɗu da Likita Rahama, wata doguwar mata mai gilashi da ba ta iya zagaye-zagaye ba. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Ta ce hantar Labbo ce ta lalace. Wata ƙwayar cuta ce ta daɗe tana zaune a cikinta, jiki na yaƙar ta, hanta na yin rauni tana warkewa, kuma duk inda ya warke sai ya bar tabo. Ta nuna tabon ƙunar da ke damtsen Yelwa, ta ce ta taɓa ta ji: wurin ya yi tauri, ba ya gumi, gashi ba ya tsirowa. To haka hantar ta koma, tabo a kan tabo, har ta ƙandare ta tsuke.

Yelwa ta tambayi abin da ya haɗa hanta da ruwan ciki. Likita ta ce duk jinin da ya taso daga hanji sai ya bi ta cikin hanta kafin ya wuce. In ta ƙandare hanya ta matse, jini ya taru a baya, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin ciki, kamar yadda tsakar gida ke cika in rariya ta toshe da damina. Ga shi kuma hanta ce ke haɗa abin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, yanzu ta gaza. Ƙoda kuma sai ta ɗauka jiki ya rasa ruwa ne, ta shiga riƙe gishiri, shi kuwa gishiri inda ya zauna ruwa ke zama. Rawayar ido kuwa dattin tsohon jini ne. Kullum jiki na rushe jinin da ya tsufa, wani abu mai launin rawaya ya fito, hanta ta tace shi ta tura ta matsarmama ya fita da bayan gida. In ta kasa, sai ya zauna cikin jini ya rina ido da fitsari.

Ta ba su ƙwayoyi, ɗaya mai danne cutar da za a sha kullum ba fashi, wasu masu sa fitsari don rage ruwan. Sannan ta dubi Yelwa, ba Labbo ba, ta ce rabin maganin yana hannun mai girki. Ba gishiri, ba magi, ba kanwa ko ƙanƙanuwa, ba jiƙo kowane iri. A ba shi wake da ƙwai da nama in an samu, kada a bar shi da yunwa. Ta ƙara da cewa cutar ba a kwano ake ɗaukar ta ba, ta jini ce, kowa zai iya cin abinci da shi. Ita Yelwa da 'ya'yanta biyu daga baya aka gwada su, ba su da ita, aka fara yi musu rigakafi.

To ta ina za a fitar da gishiri daga miyar mutum goma sha tara? Dole ta ware tukunya. Ta koyi yin miyar kuka ba kanwa, ta cika albasa da tafarnuwa da citta don a samu abin da harshe zai kama. Labbo ya ci yana yatsina fuska, yana cewa wannan ai ruwan wanka ne, ita kuma ta ce ya shanye ruwan wankan. Cikin mako uku ƙafa ta saɓe, ciki ya sassauta, tazuge ya kai har da ragowar ɗauri. Ranar Yelwa ta shiga ɗaki ta yi kukan murna ita kaɗai.

Amma da ruwa ya janye sai ramar da ke ƙarƙashi ta fito fili. Wuya ya zama siriri, ƙasusuwan kafaɗa suka tsaya cirko-cirko, ido kuma yana nan da rawayarsa. Shu'aibu bai ga cikin da ya ragu ba, ramar ya gani. Ya ga kuma ƙanensa ya daina sa hannu a akushin zaure, an koma kai masa wani ɗan kwano a rufe har ɗaki. Wannan shi ya tsaya masa a rai. Yelwa ta aika masa da bayanin likita ta bakin matarsa Sadiya har sau biyu, ya ce tun da yake bai taɓa jin gishiri ya kumbura mutum ba, kuma injin asibiti ba ya ɗaukar hoton sammu.

Ya tafi Nahuce wurin wani mai magani, ya zauna ya kwashe labarin 'yar tukunya kaf ya faɗa masa. Mai magani ya yi 'yan zane-zanensa a ƙasa, ya ɗago ya ce an ba mara lafiya abu a cikin abinci, kuma mai ba shi ta ware masa tukunya. Shu'aibu ya dawo yana jinjina yadda mutumin ya gano abin da ke ɓoye, ya manta sarai cewa shi ya kai masa.

Da hantsi ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi sai da dalili. Yelwa na tsugune tana kaɗa miya, matan gida na ta hidimarsu.

"Ke Yelwa, mi kike sa mai cikin 'yat tukunyag ga da ba a son mu ci?"

Ta ce, "Ba abin da nas sa, Yaya. Abin da nac cire ya hi yawa. Ga ta nan, ka ɗanɗana."

Ta miƙa masa ludayi. Ya ja da baya kamar wuta ta miƙo masa, kuma kowa ya gani. Ta kai ludayin bakinta ta shanye, ta sake ɗiba ta shanye. Shu'aibu ya ce ai wanda ya haɗa abu ya san makarinsa. Ya ce daga yau hannunta ya fita daga abincin ƙanensa, ta tafi gidan iyayenta Bilbis sai an neme ta.

Ba wannan ne ya fi ƙona mata rai ba. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakinta, inda Labbo ke zaune a kan tabarma, mutumin da ya ji bayanin likita da kunnensa, wanda ya ɗaure tazugensa da hannunsa ya nuna mata yana dariya. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma a gidan nan ƙane ba ya ƙaryata wa a gaban mata, ko da ransa ne a kai. Labbo ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

"Ki tahi dai, Yelwa, hal ƙura ta lahwa."

Shekara goma sha ɗaya tana dafa masa abinci. Ta juye miyar a kwano ta ajiye a gabansa, ta wanke tukunyarta tas ta ɗaure a cikin zane. Ta jera wa Sadiya ƙwayoyin ta nuna mata na safe da na rana, ta roƙe ta don girman Allah kada a sa masa gishiri. Sadiya ta ce to, idonta na kan mijinta. Ba a bar Yelwa ta tafi da 'ya'yanta ba.

Kwana arba'in da biyu ta yi a Bilbis, kuma ba ranar da ta wuce zuciyarta ba ta tafasa ba. In ta ga uwarta ta jefa kanwa a miya sai ta tashi ta bar wurin. Labari kuwa ya riga ta isowa. Matan da suka saba karɓar ƙosai daga hannunta ranar kasuwa tun tana budurwa suka koma cewa sun ƙoshi. Ubanta ya ce ta yi haƙuri, gaskiya za ta yi halinta. Ta ce ta san za ta yi, amma hantar mijinta ba za ta jira ta ba.

Sadiya kan saci jiki ta kira ta a waya, kuma duk kira sai ya fi na baya muni. Mai magani ya ce ba a haɗa nasa da na asibiti, Shu'aibu ya kwashe ƙwayoyin ya kulle a akwati. An mai da Labbo akushin zaure. Don a mayar masa da ƙarfi ana dama masa kunun kanwa safe da yamma, ana yi masa farfesu mai ji da magi. Cikin ya dawo ya ninka na da, cibiya ta fito waje, fata na ƙyalli, in ya kwanta numfashi ya gagara. Shu'aibu na bin ƙofofi yana cewa a zo a ga irin aikin da yarinyar nan ta yi, ta bar gari amma abinta na ci. Kullum kuma sai ya zauna kusa da ƙanensa ya nanata masa cewa ko a mafarki kada ya ƙara karɓar abu daga hannun Yelwa.

Ranar wata Talata da safe kira ya zo, Sadiya na kuka. An ba Labbo maganin sa amai don ya fitar da sammun. Ya yi ta yunƙuri, ya yi ta yunƙuri, sai ga jini, har ya kusa cika tasa. Da farko Shu'aibu ya ce Alhamdu lillahi, baƙin abin ne ke fita. Sai da ya ga ƙanensa ya langaɓe sannan ya nemi mota.

Yelwa ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauki tukunyarta ta fito titi, ta samu mota zuwa Tsafe, daga can ta hau ta Gusau. A hanya ba addu'a kaɗai take yi ba, har da tsara maganganun da za ta faɗa wa Shu'aibu, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.

Ta same shi a barandar ɗakin maza, ya yi zuru-zuru, babbar rigarsa duk jini ya bushe a jiki. Yana ganin ta ya miƙe ya tare ƙofa, ya ce wa ya kira ta. Ba ta ko gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Suna cikin haka Likita Rahama ta fito. Ta gane Yelwa, ta tambaye ta ina ta shiga, me ya sa aka bar magani, wa ya ɗura wa mutumin nan gishiri haka. Yelwa ta nuna Shu'aibu da haɓa, ta ce a tambayi babban gida. Shi kuwa ko kunya bai ji ba, ya gyara tsayuwa ya zayyana wa likita zancen sammu da 'yar tukunya.

Likita ta cire gilashinta. Ta ce an ƙara wa Labbo jini, an tsai da zubar, an kuma zuƙe ruwan ciki ya kusa cika bokiti. Jinin da ya amayar ba sammu ba ne, jininsa ne. Da hanya ta toshe a hanta, jini ya nemi wata mafita ta ƙananan jijiyoyin maƙoshi, suka kumbura suka yi laushi, yunƙurin amai ya fasa ɗaya. Ta faɗi wannan a tsaye, muryarta ba ta tashi ba, amma ma'aikatan da ke wucewa sun rage sauri.

Yelwa ta ce, "Likita, don Allah ki hwaɗa mai shekara nawa tabon ga yay yi yana taruwa. Ni na hwaɗi, ba a ji ba."

Likita ta ce hanta ba ta zama haka a wata uku ko shekara uku. Irin wannan aikin shekara ashirin ne zuwa talatin, ko fiye, a hankali, mutum na noma yana aure bai san komai ba. Mafi yawan masu ita a nan tun suna jarirai suka ɗauka, wasu wurin haihuwa daga uwa, wasu daga aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa aiki da ita. Ta tambayi Yelwa shekararta nawa. Ta ce talatin ba ɗaya. Labbo kuwa arba'in da huɗu.

"To, Malam, wataƙila ma ba a haife ta ba cutar nan ta shiga jikinsa. Akwai wanda ya taɓa rasuwa da kumburin ciki a gidanku?"

Shu'aibu ya ce innarsu, tun Labbo na ɗan shekara tara. Idonta ya yi rawaya ita ma. Amma ita sammu anka yi mata, kowa ya sani, wata mai tallar fura ce ta yi, har sai da mai furar ta bar garin. Yana faɗa muryarsa na raguwa, har ya kai ƙarshen maganar da ƙyar, kamar shi ma yanzu ya fara jin ta.

Likita ta rubuta 'yar takarda ta miƙa masa, ta ce ya je a gwada jininsa yau, shi da duk wanda suka fito ciki ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu. Yelwa ta jira ya ce wani abu. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu ya koma kan benci. Duk maganganun da ta tsara a mota suna bakinta, sai ta ga ba wadda ta kai girman abin da aka yi mata, ta haɗiye su suna ƙona ta.

Kafin ta shiga, likita ta ja ta gefe. Ta ce tabon da ya riga ya kai haka ba ya gogewa, abin da za a iya shi ne a hana shi ƙaruwa, a lallaɓa abin da ya saura. Ta kuma gargaɗe ta cewa Labbo ba ya cikin hayyacinsa sosai. Dattin da hanta ta kasa tacewa ya hau masa kai, jinin da ya kwanta a hanjinsa ya ƙara shi. Ana ba shi maganin da zai wanke, ana sa ran zai dawo, amma kada ta ji tsoro in bai gane ta ba. Sai jibi za a bar shi ya ci abu mai laushi.

Ranar da aka ba da izini, ta je gidan wata 'yar'uwarta a Tudun Wada ta ɗora 'yar tukunyar. Ta yi miyar kuka mai ruwa-ruwa, ta tuƙa tuwo mai laushi kamar na yaye, ta zubo a kula ta dawo bayan azahar. Labbo na jingine da filo, hannayensa na karkarwa, idanun nan rawaya suna bin bango. Shu'aibu na zaune a ƙasa gefen gado. Ta zauna ta ɗebo a cokali ta hura ta kai bakinsa.

Ya dube ta kamar baƙuwa. Ya tambayi ko wace ce. Ta faɗi sunanta. Sai ya damƙe baki ya kau da kai.

"An ce kar in ci na hannun Yelwa."

Bai san ranar ba, bai san garin da yake ba, ya manta sunan 'ya'yansa, amma wannan ya zauna daram. Ta sake gwadawa, ya ture cokalin miya ta zube a zanen gado. Ta tashi tsaye ta zagaya gadon, ta tsaya a kan wan mijinta, ta dangwara masa kular a cinya ta sa masa cokalin a hannu.

"Kai kas sa mai ita a kai, Yaya. Sai ka ba shi da hannunka. Amma ka hwara ci, shi gani."

Shu'aibu ya dubi miyar, ya dubi ƙanensa. Ya ɗiba ya kai bakinsa, ya haɗiye, bai yatsina fuska ba. Ya sake ɗiba ya miƙa, ya ce ci, Labbo, ni na. Labbo ya buɗe baki. Ya juya lomar a hankali, ya daɗe yana juya ta, goshinsa ya tattare. Sai fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi.

"Ruwan wanka," in ji shi. "Wagga miyar Yelwa ta. Ina take, Yaya? Wa yak kore ta?"

Yelwa na tsaye a bayan Shu'aibu, ta harɗe hannuwa a ƙirji, hawaye na zuba ba ta share ba. Ba ta ce ga ni ba. Ta bar tambayar a inda aka ajiye ta, tana jira ta ji da wane baki zai amsa.